Ma'aikaciyarmu ta kai ƙorafin shugaban sashenta: wa ya kamata a sauya wa wurin aiki kafin a gama bincike?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ce mai kula da harkokin ma'aikata a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kaduna, kuma ina neman shawarar waɗanda suka san wannan fanni. Wata ma'aikaciyarmu ta sashen kuɗi ta kawo ƙorafi a rubuce cewa shugaban sashenta ya daɗe yana damunta da neman lalata, yana turo mata saƙonni cikin dare, kuma da ta ƙi amsa masa sai ya fara riƙe takardar alawus ɗinta. An kafa kwamitin mutum uku, an ba su mako huɗu. Matsalata ita ce waɗannan makonni huɗun, domin ofis ɗaya suke zaune, teburinta yana kallon ƙofarsa, kuma shi ne yake sa hannu a takardar hutunta da ta alawus. Manajanmu ya ce ko dai a mayar da ita reshenmu na Zariya, ko kuma ta ɗauki hutunta na shekara ta zauna a gida har ƙura ta lafa. Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba. Ga shi kuma ta gaya mini ba ta samun barci, ban san inda ya dace in tura ta ba.

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. A ganina manajanku ya yi tunani mai kyau, domin raba su shi ne maganin fitina. Idan ta koma Zariya ba za ta riƙa ganinsa ba, hankalinta zai kwanta, shi ma kwamiti zai yi aikinsa ba tare da tsegumi ba. Mene ne aibin hakan?

Dan_Kwadago:
Malam Baban_Sadiq, raba su daidai ne, amma tambayar ita ce wa zai ɗauki nauyin rabuwar. Daga Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne. Matar da take da gida da 'ya'ya a Kaduna, idan aka ce ta riƙa zuwa Zariya, kullum sai ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ta fita da asuba ta dawo bayan magariba, ta rabu da abokan aikin da suka san ta, alhali shi wanda ake zargi yana nan a kujerarsa. Duk ma'aikaciyar da ta ga haka za ta fahimci cewa wadda ta buɗe baki ita ake ɗagawa, kuma daga ranar ba za ku sake samun ƙorafi ba, ko da abin yana ci gaba.

Haka batun hutun shekara yake. Wannan hutu haƙƙinta ne da ta yi aiki ta tara, wataƙila ta ajiye shi don Sallah ko don jinyar iyayenta. Idan aka sa ta cinye shi saboda laifin da ake zargin wani da aikatawa, an dake ta an hana ta kuka ke nan. Abin da muke nema a ƙungiyar ƙwadago idan irin wannan ta taso shi ne a cire ikon wanda ake zargi daga kanta tun ranar farko: wani jami'i dabam ya riƙa sa hannu a takardunta, shi kuma a mayar da shi wani ofis ko wani aiki na wucin gadi. Idan zargin ya yi nauyi, ko ana tsoron zai taɓa shaidu, a dakatar da shi amma a ci gaba da biyansa cikakken albashinsa.

Malam_Tsoho:
To amma ba a tabbatar da laifinsa ba tukuna. Idan kuka ɗaga shi daga kujerarsa, ai kun yanke masa hukunci a idon jama'a kafin kwamiti ya zauna. Shi ma yana da iyali da mutunci, kuma mun san ana yin ƙazafi. Kada son taimakon ɗaya ya sa a zalunci ɗaya.

Barista_Uwani:
Malam_Tsoho, damuwarka tana kan hanya, kuma saboda ita ne ake rubuta matakin a takarda. Wasiƙar da za a ba shi za ta faɗi ƙarara cewa wannan mataki ne na wucin gadi, ba hukunci ba ne, albashinsa da muƙaminsa suna nan, kuma za a sake duba matakin a rana kaza. Shugaban sashe yana da hanyoyin da zai iya matsa wa na ƙasa da shi, ita kuwa ba ta da hanyar matsa masa, shi ya sa ikon ake cirewa daga hannunsa.

Hajiya Maman_Ilham, ga abin da zan ce ta fuskar doka. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take da hurumin sauraren shari'ar cin zarafi ta hanyar neman lalata a wurin aiki, tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010 da ya shigo da sashe na 254C. A shari'ar Ejieke Maduka da kamfanin Microsoft, wadda aka yanke a 2013, kotun ba ta tsaya kan manajan da ya yi cin zarafin kaɗai ba, ta ɗora wa kamfanin ma alhaki, kuma ta ɗauki korar da aka yi wa matar a matsayin abin da ya biyo bayan ƙin amincewarta. Ki gaya wa manajanku cewa sauya wa mai ƙorafi wurin aiki ba da yardarta ba, ko rage mata alawus, ko ba ta takardar tuhuma kan ƙananan abubuwa a wannan lokaci, duk lauyanta zai iya kawo su gaban kotu a matsayin ramuwar gayya. Sau da yawa manajan da bai ji maganar tausayi ba yakan ji wannan.

Abu_Khalifa:
Ni na ji an ce tun da Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi, dole ne kamfani ya ba duk wadda ta kai ƙorafi hutu na musamman da albashi. Idan haka ne, ai magana ta ƙare, ta je ta nemi haƙƙinta kawai.

Barista_Uwani:
Rabin maganar gaskiya ce, Malam Abu_Khalifa. Yarjejeniya mai lamba 190 ta 2019 tana nan, Najeriya ta amince da ita a 2022, kuma ta buƙaci a kare masu ƙorafi da shaidu daga ramuwar gayya. Sai dai ba ta ƙayyade wasu kwanakin hutu da kamfani zai bayar ba. Abin da yake rubuce a Dokar Ƙwadago shi ne hutun rashin lafiya da albashi har kwana 12 na aiki a shekara idan likita mai rajista ya ba da takarda, da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki bayan an cika wata 12 ana aiki. Ita ma dokar ba kowa ta ɗauka a matsayin ma'aikaci ba, domin ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru, saboda haka mai aiki a sashen kuɗi yawanci takardar ɗaukarta aiki da kundin ƙa'idojin kamfani ne za su faɗi abin da take da shi. Ki buɗe kundinku, Hajiya, ki duba ko akwai hutun uzuri ko hutun jinƙai. Ko babu, doka ba ta hana kamfani ya ba da hutu na musamman da albashi ba, kuma shi nake ba da shawarar a yi, a rubuta cewa ba za a cire shi daga hutunta na shekara ba.

Ummu_Hanan:
Ina so in faɗi abin da ya same ni, domin ina ganin kowa yana tsara mata rayuwa ba a ji daga bakinta ba. Na taɓa kai ƙorafi irin wannan a wata makaranta mai zaman kanta da na koyar. Hukumar makarantar, da kyakkyawar niyya, ta ce in je gida in huta. Wannan hutun ya fi komai wahalar da ni. Ina zaune a ɗaki ba abin yi sai tunani, waya tana hannuna ina jiran kiran da ba ya zuwa, surukata tana tambaya ko korata aka yi, maƙwabta suna ganin ban fita da safe ba. A makaranta kuma, da yake ba na nan, sai labari ya zama na wanda yake nan. Ranar da na koma, na shiga ɗakin malamai sai hira ta tsaya cak, kuma na tarar an raba azuzuwana ga wasu.

Abin da nake buƙata a lokacin ƙarami ne: a canza jadawali don kada darasina ya haɗa ni da shi a bene ɗaya, kuma a samu mutum ɗaya da zai riƙa gaya mini inda bincike ya kai. Don Allah Hajiya, kafin ki yi gardama da manaja kan Zariya ko hutu, ki zauna da ita ki tambaye ta me take so. Wata za ta so hutu, wata kuma aikin ne yake riƙe da hankalinta.

Maman_Ilham:
Allah ya saka miki da alheri, Ummu_Hanan. Na zauna da ita yau bayan azahar a wani ofis da ba na sashensu ba. Ta ce ba ta son Zariya ko kaɗan, kuma ba ta son dogon hutu, domin ƙarshen wata ya kusa kuma ita ce take haɗa lissafin dillalai, ba ta so a ce ta gudu ta bar aiki. Abin da ta nema shi ne kwana uku ta samu ta huta, a ɗauke teburinta daga gaban ƙofarsa, a daina sa ta tsayawa aiki bayan ƙarfe biyar lokacin da ofis yake watsewa, kuma a biya ta alawus ɗin da ya riƙe. Ta kuma roƙe ni kada mijinta ya ji daga bakin kowa, ita za ta gaya masa da kanta.

Alhaji_Na_Kasuwa:
Ni dai a nawa ganin an tsawaita magana. Ku kira mijinta da wani dattijo daga dangin mutumin, a zauna a yi sulhu, ya ba da haƙuri, a rufa wa juna asiri. Haka iyayenmu suke kashe irin wannan wuta.

Dan_Kwadago:
Alhaji, da girmamawa, matar ta riga ta ce kada a gaya wa mijinta. Idan kamfani ya kira shi, ya karya amanar da ta sa ta kawo ƙorafin, kuma ba wanda ya san abin da hakan zai jawo wa aurenta. Sulhu yana da wurinsa tsakanin mutane biyu da suke daidai da juna kuma dukansu suka nema, amma a zaunar da ma'aikaciya gaban wanda yake riƙe da alawus ɗinta a ce ta yafe, wannan matsin lamba ne ko da an kira shi sulhu.

Hajiya, buƙatunta huɗu duk masu sauƙi ne, ba wadda za ta ci wa kamfani kuɗi in ban da alawus ɗin da dama nata ne. Abu ɗaya zan ƙara: maimakon a ɗauke teburinta, a duba ko shi za a iya mayarwa wani ofis, domin ranar da aka ga ana jan teburinta kowa zai san wadda ta kai ƙara. Idan ita ce ta fi son tashi, to a yi yadda take so, amma a rubuta cewa ita ta zaɓa kuma za ta iya komawa wurinta.

Nas_Talatu:
Ku yi hanzari ku kai ta asibiti kafin awa 72 ta cika, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau bayan wannan lokacin ba ya aiki. A Kaduna akwai cibiyoyin Salama da aka buɗe don irin wannan, ciki har da wadda take asibitin Gwamna Awan a Kakuri.

Dr_Hauwa_K:
Sista Talatu, maganar awa 72 gaskiya ce idan fyaɗe aka yi, kuma yana da kyau kowa ya san ta, sai dai a bayanin Hajiya ba a ambaci haka ba, saƙonni ne da matsin lamba da riƙe alawus. Duk da haka ambaton cibiyoyin Salama yana da amfani, domin ban da jinya suna da masu sauraren mutum su ba shi shawara, kuma sun saba da riƙe sirri.

Hajiya Maman_Ilham, game da rashin barcin, ga yadda nake kallonsa a matsayina na mai aiki a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. Rashin barci, faɗuwar gaba idan waya ta yi ƙara, rashin son abinci da saurin kuka a makonnin farko bayan irin wannan abu ba alamar taɓin hankali ba ne, kuma ga mutane da yawa suna raguwa da kansu idan abin da yake tsorata su ya kau. Saboda haka gyaran ofis ɗin da kuke magana a kai shi ne magani na farko. Kada ki matsa mata ta ba ki labarin daki-daki don wai ta samu sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta goyon bayan zaman da ake tilasta wa mutum ya amayar da abin da ya faru nan take. Ki kuma ja kunnenta kada ta je kemis ta sayi maganin barci irin su diazepam, domin suna da saurin kama jiki kuma ba sa warware matsalar.

Yadda ake tura mutum yana da muhimmanci. Idan kika ce mata kamfani ya ce ta je ta ga likitan ƙwaƙwalwa, abin da za ta ji shi ne ana shakkar hankalinta, kuma za ta ji tsoron a yi amfani da hakan a rushe ƙorafinta. Ki ba ta wurare biyu ko uku ta zaɓa, ki tambaye ta ko ta fi son mace, ko ta fi sakewa da Hausa, ki gaya mata cewa zuwan ba dole ba ne kuma ƙin zuwa ba zai shafi binciken ba. Lokacin zuwan ya kasance cikin lokacin aiki ba tare da an yanke mata komai ba, kamfani ya biya, kuma abin da zai dawo muku shi ne rasit da shaidar ta halarta kawai. Abin da ta faɗa a ɗakin ba na kamfani ba ne, ba na kwamiti ba ne.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Idan ta fara maganar gara ta mutu, ko ta daina cin abinci kwata-kwata, ko ta kasa kula da kanta da 'ya'yanta, a ranar za a kai ta ga likita. Haka kuma idan wata guda ya wuce tana mafarkin abin, tana kauce wa duk abin da zai tuna mata, ba sauƙi, to lokacin ganin ƙwararre ya yi, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da yake Barnawa yana da masu wannan aiki.

Baban_Sadiq:
Likita, na karɓi gyara kan batun Zariya. Amma Barnawa fa? Matar aure a gan ta tana shiga can, ai wani sabon surutu ne. Ba gara ta je wurin malamar Islamiyyarsu ta yi mata nasiha da addu'a ba?

Dr_Hauwa_K:
Ba na hana ta zuwa wurin malamarta, Malam, addu'a da samun wanda mutum ya yarda da shi suna taimakawa ƙwarai, muddin malamar mai riƙe sirri ce kuma ba za ta fara da tambayar irin shigar da take yi zuwa ofis ba. Ɗaya ba ya hana ɗaya. Tsoron surutun kuma gaskiya ne, shi ya sa na ce a ba ta zaɓi. Za ta iya farawa da likitan da ta saba gani a asibitin da kamfani yake da rajista, shi ma zai iya duba ta, ya rubuta mata takardar hutu ba tare da ya bayyana dalili dalla-dalla ba, ya tura ta gaba idan ya ga buƙata.

Dan_Maradi:
Mu a nan Nijar dokar aiki ta 2012 ta hana irin wannan cin zarafi, kuma ma'aikaci yana iya kai kukansa wurin sufetan aiki. Amma abin da na gani a ma'aikatar da na yi aiki shi ne wahalar ba ta ƙarewa ranar da kwamiti ya miƙa rahoto. Bayan an gama komai ne abokan mutumin suka daina gaisawa da matar, aka daina kiranta taro, aka tsallake ta a ƙarin girma, har ta ajiye aikin da kanta. Hajiya, ki sa ido a kan watannin da za su biyo baya, musamman wanda zai cika mata takardar auna ƙwazo ta ƙarshen shekara.

Barista_Uwani:
Maganar Dan_Maradi ta tuna mini abu biyu. Na farko, ta adana saƙonnin da ya turo mata a wani wuri ban da wayarta, kuma ta riƙa rubuta duk wani abu da ya faru daga yanzu da kwanan wata. Na biyu, ki sanar da ita cewa binciken kamfani bai rufe mata sauran ƙofofi ba. Jihar Kaduna ta yi tata dokar hana cin zarafin mutane a 2018, kuma za ta iya neman shawarar lauya a wurin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Ba aikinki ba ne ki tura ta kotu ko ki hana ta, aikinki ta san hanyoyin suna nan.

Maman_Ilham:
Na gode muku gaba ɗaya. Ga inda muka tsaya. Manaja ya janye maganar Zariya, ya amince da kwana uku da albashi ba tare da an taɓa hutunta na shekara ba, an biya alawus ɗin, kuma mataimakin manaja ne zai riƙa sa hannu a takardunta. Na yi mata alƙawarin duk ranar Alhamis zan gaya mata inda bincike ya kai, ko da ba wani sabon abu. Ta karɓi sunayen wuraren da Dr_Hauwa_K ta ambata, ta ce za ta yi tunani, ban matsa mata ba.

Inda muka kasa daidaitawa shi ne batun ofis. Manaja ya ƙi ɗaga shugaban sashen, ya ce ƙarshen wata ne kuma shi kaɗai yake da izinin amincewa da biyan kuɗi a na'ura, saboda haka ita ce ta koma ofishina na wucin gadi. Ta ce ta fi samun natsuwa a nan, amma tun jiya mutum biyu sun tambaye ni dalilin dawowarta.

Malam_Tsoho:
Ki ce musu aikin ƙarshen wata ne ya sa, ba sai kin ƙara komai ba. Ni har yanzu ina ganin barinsa a kujerarsa ya fi adalci tunda ba a kama shi da laifi ba.

Ummu_Hanan:
Ni kuma abin da yake damuna shi ne mutum biyu daga cikin waɗanda kwamiti zai kira shaida suna nan a ƙarƙashinsa, shi yake sa hannu a alawus ɗinsu har yau. Hajiya, an yi wani tanadi a kansu, ko kuwa mataimakin manaja takardunta kaɗai zai karɓa?